Ba Ragwanta Ba Ce: Abin da Malamar Asibiti Ta Faɗa wa Iyaye Kan Ciwon Fargaba

A gidajenmu da yawa akwai mutum ɗaya da aka riga aka yanke wa hukunci ba tare da an saurare shi ba. Saurayin da ya daina fita kasuwa, an ce rago ne. Amaryar da gabanta ke faɗuwa dare da rana, an ce sangarta ce. Magidancin da ba ya iya barci saboda zullumi, an ce tawakkalinsa ne ya yi rauni. Da yawa cikin waɗannan mutane ciwo ne ke damunsu, ciwon da likitoci suka san yadda yake kamawa da yadda ake maganinsa.

Wannan ne ya sa wani mai unguwa ya tara iyaye maza da mata a harabar makarantar firamare ta unguwarsa bayan sallar La'asar, ya gayyato wata ma'aikaciyar jinya da ta daɗe tana aiki da masu lalurar ƙwaƙwalwa. Bayan liman ya buɗe taro da addu'a, Malamar ta ce ba za ta cika su da sunayen cututtuka ba. Labarin mutum ɗaya za ta bayar, bayan ta sauya wasu bayanansa don kada a gane shi.

Yadda abin ya fara

Matashi ne ɗan shekara 26, yaron shago a kasuwar atamfa. Wata rana ana gab da Sallah, kasuwa ta cika ta batse, sai ya ji zuciyarsa ta ɗauki bugu da ƙarfi. Numfashinsa ya sarƙe, gumi ya keto masa, jiri ya ɗebe shi, yatsunsa da leɓɓansa suka ɗauki wani irin tsira. Ya tabbata a ransa cewa ajali ne ya zo, har ya fara kalmar shahada. Abokan aiki suka ɗauke shi sai kemis, amma kafin a gama ɗaura masa ruwa abin ya lafa. Aka ce hawan jini ne, daga baya aka ce taifot, aka kuma ce olsa. Ya sha magunguna iri-iri, bayan mako biyu abin ya sake taso masa a cikin adaidaita sahu.

Daga nan rayuwarsa ta fara ƙanƙancewa. Ya daina hawa adaidaita sahu. Ya koma zuwa shago da sassafe yana gudowa kafin a cika. A masallaci ya koma sahun baya kusa da ƙofa, don in abin ya motsa ya samu hanyar fita. Cikin wata shida ya bar shagon gaba ɗaya, ya daina zuwa Juma'a, ya zama ɗan ɗaki.

Nan wani dattijo ya ɗaga hannu. "Malama, ki yi haƙuri in katse ki. Mu da muka taso, mun kwana a daji, mun ga yunwa, mun ga tashin hankali, ba wanda ya kwanta ya ce zuciya na buga masa. Wannan ai lalacewar 'ya'yan zamani ce."

"Baba, na gode da ka faɗa, domin abin da ke ran mutane da yawa ke nan," in ji ta. "Amma bari in tambaye ka. Ka taɓa yin kiciɓis da maciji a gona?" Dattijon ya ce ba sau ɗaya ba. Ta ce: "Kafin ka yi tunanin komai, ba ka ji ka daka tsalle ba, zuciya na bugu, baki ya bushe? Kai ka ba jikinka umarni?" Ya ce a'a, haka nan abin ya zo. "To abin da ya same ka a gona shi ne ya samu yaron nan a kasuwa. Bambancin kawai, shi babu maciji a gabansa."

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Ta yi bayani cewa a can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da aikinsa shi ne hango haɗari. Da zarar ya hango, sai ya aika saƙo ga wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su saki sinadarin adiranalin a cikin jini. Cikin daƙiƙoƙi zuciya za ta ƙara gudu don ta kai jini ga cinyoyi da damatsa, numfashi ya ƙara sauri, gumi ya fito, aikin narkar da abinci ya tsaya, shi ya sa ciki ke murɗawa baki ya bushe. Duk shiri ne na gudu ko faɗa, kuma baiwa ce da Allah ya yi wa ɗan Adam don ya tsira. Kamar karen gadi ne: in ya yi haushi ɓarawo na bakin katanga, ya yi aikinsa. Ciwon shi ne lokacin da ya koma haushi ko iska ce ta kaɗa ƙyaure, har mutanen gida suka kasa barci.

Jiri da tsirar yatsu ma suna da dalili. Idan mutum yana numfashi da sauri alhali ba gudu yake ba, yana fitar da iskar kabon daga jininsa fiye da kima. Raguwarta kan sa jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa su ɗan tsuke, sai jiri ya zo, yatsu da leɓɓa su yi tsira, wani lokaci hannu ya ƙandare. Mai abin yana jin kamar iska ce ba ta ishe shi ba, sai ya ƙara ja, sai alamun su ƙaru. Ya ji bugun zuciya, ya ce mutuwa ce, wannan tunanin ya ƙara sakin adiranalin, bugun ya ƙaru. Haka abin ke ciyar da kansa har ya kai ƙololuwa, yawanci cikin minti 10, sannan ya fara sauka. Galibi duka bai wuce minti 5 zuwa 30 ba, sai dai yakan bar mutum a galabaice.

Game da dalilin da ya sa wani ke kamuwa wani bai kamu ba, ta ce abubuwa ne ke haɗuwa: gado, irin halittar mutum, wahalar ƙuruciya, da abin da ya gani na tashin hankali kamar haɗarin mota, harin 'yan bindiga ko rasuwar wani a gabansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ire-iren ciwon fargaba a duniya, wato kusan mutum 4 cikin kowane 100. Mata sun fi maza kamuwa, kuma kusan mutum ɗaya ne kawai cikin huɗu ke samun magani. Sojoji na kamuwa, malamai na kamuwa, attajirai na kamuwa.

Ta kuma bambanta ciwon da fargabar yau da gobe. Wanda ke jiran sakamakon jarrabawa ko matarsa ke ɗakin haihuwa dole gabansa ya faɗi, kuma in abin ya wuce zai dawo daidai. Ana kiransa ciwo ne idan tsoron ya fi ƙarfin abin da ya jawo shi, ya ƙi tafiya, ya kuma fara hana mutum aiki, barci, ibada ko zumunci. Wani nasa yakan zo ne farat ɗaya kamar na yaron shagon. Wani kuma zullumi ne marar yankewa a kan komai, a mafi yawan kwanaki, har wata shida ko fiye, tare da ciwon wuya da kafaɗa, saurin fushi da rashin barci.

Faɗan uba da tausayin uwa

A nan ne Malamar ta daɗe, domin ta ce nan ne aikin iyali yake. Mahaifin yaron ya ɗauki abin ragwanta. Kullum gori: ƙannenka na nema kai kana kwance kamar mace mai jego. Wata rana ya tasa shi a gaba da ƙarfi har tsakiyar kasuwa, abin ya taso masa a bainar jama'a, ya ruga a guje. Daga ranar tsoronsa ya zama biyu, tsoron ciwon da tsoron kunya. Ya daina faɗa wa kowa abin da yake ji.

Mahaifiyarsa kuwa ta bi ɗaya hanyar. Ta hana a aike shi ko'ina, tana kai masa abinci ɗaki, ta sa ƙaninsa ya riƙa yi masa duk wata hidimar waje. Sau goma a rana zai tambaye ta ko tana ganin zai mutu, sau goma za ta rantse masa ba zai mutu ba.

"Iyayena," in ji Malamar, "dukansu biyu sonsa suke yi, kuma dukansu biyu sun ƙara wa ciwon ƙarfi ba da saninsu ba." Ta ce babban abincin fargaba shi ne gudu. Duk lokacin da yaron ya kauce wa kasuwa sai ya ji sauƙi nan take, ƙwaƙwalwarsa kuma ta rubuta cewa gudun ne ya cece shi. Ba ta taɓa samun damar ganin cewa ko da ya tsaya, bugun zai sauka da kansa ba. Tausayin uwa ya sauƙaƙa masa gudu. Tilastawar uba kuma ta jefa shi cikin abin da ya fi ƙarfinsa a lokaci ɗaya, ya gudu a daidai lokacin da tsoro ya kai ƙarshe, darasin ya ƙara kafuwa.

Wata uwa ta tambaya daga ɓangaren mata: "To Malama, in faɗa bai yi ba, lallashi bai yi ba, mene ne zai yi?" Ta ce mata: "Inna, rakiya. Ki yarda cewa abin da yake ji gaskiya ne, sannan ki raka shi ya tunkari abin da yake tsoro, kaɗan-kaɗan."

Yadda aka yi masa magani

Da yayarsa ta kai shi asibiti, matakin farko bincike ne, domin akwai cututtukan da ke sanya rigar fargaba. An auna jininsa, an duba ƙarancin jini da sukari, an yi gwajin bugun zuciya, an kuma duba ƙullutun wuya da kan kumbura ya zama maƙoƙo, domin in yana aiki fiye da kima yakan kawo bugun zuciya, rama da karkarwar hannu. An tambaye shi abin da yake sha. Ashe a lokacin hidimar Sallah yana haɗa kofi mai kauri da lemon ƙara kuzari da goro don ya kori barci, kuma duk suna ɗauke da sinadarin kafin mai tunzura zuciya. Taramol, kodin da wiwi ma suna iya tayar da irin wannan, haka ma daina su farat ɗaya. Sakamako ya nuna zuciyarsa lafiya lau.

Mataki na biyu bayani ne, irin wanda ta yi wa taron. Sannan aka yi abin da ya ba shi mamaki. A cikin ɗakin duba marasa lafiya, bayan an tabbatar ba shi da ciwon zuciya ko asma, aka sa shi ya yi numfashi da sauri da gangan na kusan minti ɗaya. Jirin ya zo, tsirar yatsu ta zo. Aka ce ya zauna ya jira, suka tafi. A ranar ya ga da idonsa cewa shi ma yana iya kawo alamun, kuma ba sa kashewa. Aka koya masa numfashi a hankali: ya shaƙa ta hanci yana ƙirga 4, ya fitar a hankali yana ƙirga 6, ciki ne ke tashi ba ƙirji ba. An ce ya riƙa yinsa minti 5 safe da yamma lokacin da yake lafiya, don ya zame masa jiki.

Mataki na uku shi ne ginshiƙin maganin. Ya rubuta wuraren da yake tsoro, ya ba kowanne maki daga 0 zuwa 10. Zama a ƙofar gida ya samu 2. Zuwa shagon bakin layi, 4. Sallah a sahun tsakiya a masallacin unguwa, 5. Hawa adaidaita sahu, 7. Tsakiyar kasuwa da azahar, 10. Dokar ita ce ya fara daga ƙasa, ya je wurin, ya tsaya ko da zuciya ta fara bugu, kada ya bar wurin sai tsoron ya sauka sosai, kamar zuwa rabin yadda ya fara. Zai maimaita kullum har matakin ya zama ba komai, sannan ya hau na gaba. Da farko ƙaninsa na raka shi, daga baya ya tsaya daga nesa, daga baya ya tafi shi kaɗai. Wannan wani ɓangare ne na maganin tattaunawa da ke gyara tunani da ɗabi'a, wanda yawanci kan ɗauki zama 8 zuwa 15, sau ɗaya a mako.

Saboda ciwon ya yi nisa, likita ya haɗa masa da ƙwayar sataralin, ya fara da ƙaramin awo. An gargaɗe shi cewa a mako na farko ko na biyu fargabar na iya ɗan ƙaruwa, tare da tashin zuciya, kuma amfanin ba ya bayyana sosai sai bayan mako 4 zuwa 6. Mutane da yawa kan watsar da maganin a kwanakin farko su ce bai karɓe su ba. Ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 zuwa shekara bayan an samu sauƙi, kuma likita ne ke rage shi sannu a hankali.

Ta ja kunne ƙwarai a kan diyazifam, wanda aka fi sani da baliyam, da ake sayowa a kemis ba da takardar likita ba. Yana kwantar da hankali da sauri, shi ya sa yake da haɗari. Bayan 'yan makonni jiki na sabawa, mutum ya buƙaci ƙari, in ya daina fargabar ta dawo ta fi ta da, har farfaɗiya na iya biyo baya. Wanda ya riga ya saba da shi kada ya yanke da kansa, ya je a rage masa a asibiti.

Tafiyar yaron ba ta miƙe sumul ba. A wata na biyu ya yi gaggawa, ya tsallake mataki ya shiga adaidaita sahu a cunkoson yamma, abin ya taso masa, ya sauka a hanya, ya kwana uku bai fita ba. Aka ce masa wannan tuntuɓe ne, ya koma matakin da ya wuce ya sake hawowa. A wata na huɗu ya koma shago rabin yini. Alamar sauƙi, in ji Malamar, ita ce rayuwa ta sake buɗewa, ko da bugun zuciya na leƙowa jefi-jefi. Wanda ya ce ya warke amma har yanzu ba ya fita, kaucewa kawai ya ƙware a kai. Ranar da yaron ya tsaya a tsakiyar kasuwa zuciyarsa na bugu bai gudu ba, mahaifinsa ne ke tsaye a gefensa.

Maganar imani da iskokai

Wani matashi ya tambaya ko wannan ba aikin aljanu ba ne ko raunin imani. Malamar ta juya ga liman: "Allah gafarta Malam, wannan fagenka ne." Liman ya tunatar da jama'a cewa Alƙur'ani ya ba da labarin lokutan da Annabi Musa (AS) ya ji tsoro, kuma babu mai cewa imaninsa ya yi rauni. Ya ce Manzon Allah (SAW) ya kasance yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, ya kuma yi umarni da neman magani. Malamar ta ƙara da cewa wani malamin Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya yi bayanin tsoro, firgici da waswasi a matsayin lalurorin da ake yi wa magani, har ya ambaci sabawa da abin tsoro ta hanyar maimaita haɗuwa da shi. Ta ce ba ta taɓa hana kowa addu'a da azkar ba, suna sanyaya zuciya. Abin da take roƙo shi ne kada a doke marar lafiya, kada a ɗaure shi, kada a turnuƙe shi da hayaƙi alhali numfashi yake nema, kuma kada a bari shekara ta wuce ba a ga likita ba.

Lokacin da ba a jira

Kafin a tashi ta koya wa iyaye abin yi idan firgicin ya taso wa wani a gida. A rage taron mutane, mutum ɗaya ya zauna kusa da shi, ya yi magana a natse, ya ce masa abin da ya saba ne kuma zai wuce, ya yi numfashi a hankali tare da shi. Kada a kwara masa ruwa, kada a ɗura masa komai a baki.

Amma ta ce kada a ɗora komai a kan fargaba. A garzaya asibiti idan karon farko ne; idan ciwon ƙirjin mai danna ne, yana zuwa da aiki ko hawan bene, ko yana tafiya hannu ko muƙamuƙi; idan mutum ya suma; idan ya haura shekara 40 ko yana da hawan jini ko ciwon sukari; idan mace na da ciki ko tana jego; ko idan abin ya ƙi sauka. Haka kuma fargaba kan zo tare da ciwon baƙin ciki mai tsanani. Duk wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su da yawa, 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, don haka ana iya farawa daga babban asibiti mafi kusa, su tura mutum gaba in da buƙata. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Maiduguri, Kware ta Sakkwato da Dawanau ta Kano, ga kuma sassan wannan fanni a asibitocin koyarwa. A watan Janairun 2023 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma hana wulaƙanta masu irin wannan lalura. Yawancin masu ciwon fargaba ba a kwantar da su, ana duba su ne su koma gida a ranar.

Mai karatu, in akwai wani a gidanku da aka daɗe ana kira rago, matsoraci ko mai raki, ka zauna da shi yau ka tambaye shi abin da yake ji a jikinsa, yaushe ya fara, da wuraren da ya daina zuwa. Ka saurare shi ba gori ba dariya, sannan ka raka shi asibiti. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba mu haƙurin jinyarsu.